Takardar Bangon Ɗakin Haihuwa: "A Yi" Daban, "Ana Iya Yi" Daban

A wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Jigawa na tarar da takarda liƙe a bangon ɗakin haihuwa, an taƙaita wa nas-nas abin da za su yi bayan jariri ya fito. Layi uku ne: a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ja igiyar cibiya, a murza ciki. Wanda ya rubuta ya yi ne don sauƙaƙa wa mai aikin dare, amma ya zuba su a kwano ɗaya, alhali a littafin da ya ɗauko su, wato jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya, ba nauyinsu ɗaya ba.

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 kan zubar jini bayan haihuwa tana ɗora wa kowace shawara alama biyu, bisa tsarin GRADE. Ta farko ƙarfin shawarar: ko mai ƙarfi ce, ko mai rauni, wato mai sharaɗi. Ta biyu ƙarfin hujjar da ke bayanta, mataki huɗu, daga mai inganci sosai zuwa mai rauni ƙwarai. Mutane na ɗauka abu ɗaya ne, kuma a nan ake yawan tuntuɓe.

Oksitosin ba ta da gardama. Yunit 10 ga duk matar da ta haihu, shawara mai ƙarfi, hujja matsakaiciya. Wannan a rubuta "a yi wa kowace mace", a wuce.

Jan igiyar cibiya don fitar da mabiyiya shi ne ya fi damuna. Hujjarsa mai inganci ce sosai, amma shawarar mai rauni ce. Me ya sa? Domin binciken ya tabbatar da cewa amfaninsa ɗan kaɗan ne: yana ɗan rage jini, yana ɗan rage lokacin jiran mabiyiya. Saboda haka jagorar ta ce a yi shi inda akwai ƙwararriyar mai karɓar haihuwa, idan ita da mai haihuwar sun ga wannan ɗan amfanin ya isa a nema. Layin da ke biye kuwa cewa ya yi inda babu ƙwararriya kada a yi, kuma wannan hanin mai ƙarfi ne. To duba abin da takardar bango ta yi: ta yar da sharaɗin, ta yar da hanin, ta bar "a ja". Ƙarfe biyun dare, ungozoma ba ta nan, wadda ba a horar ba ta karanta ta ja tun mahaifa ba ta tsuke ba. Igiya na iya tsinkewa, mahaifa ma na iya juyowa waje, ga babban asibiti da nisa.

Murza ciki kuma fuska biyu gare shi. Ga matar da jini ya ɓalle mata, murza mahaifa shawara ce mai ƙarfi, duk da hujjarta mai rauni ce ƙwarai, domin ba ya cin kuɗi, haɗarinsa kaɗan ne, rai kuma na kan siraɗi. Amma a ci gaba da murzawa don rigakafi ga wadda aka riga aka yi wa oksitosin, jagorar ba ta goyi bayansa ba.

Ga yadda muka sake rubuta takardar ni da ungozomar wurin. Mun tsaya kan lafazi uku, ba ma sauya su don ƙawata magana: "a yi", "ana iya yi idan…", da "kada a yi". Mun jefar da "ya kamata" da "yana da kyau", don kowa na fassara su yadda ya ga dama. Layin cibiya ya koma: "Ana iya jan igiya idan ƙwararriya ce ke karɓar haihuwar kuma uwar ta yarda. Idan ba ƙwararriya, kada a ja." A gefen kowane layi muka sa matakin hujja da shekarar jagora.

Shekarar nan ba ado ba ce. A 2012 allurar tiranezamik asid, mai hana gudan jini narkewa, shawara ce mai rauni, sai oksitosin da 'yan uwanta sun kasa tsayar da jini. A 2017, bayan babban gwaji, ta koma mai ƙarfi: giram 1 ta jijiya a hankali, cikin awa 3 da haihuwa, ga duk wadda ke zubar jini. Takardar da ba shekara, nas ba ta da yadda za ta gane ta tsufa.

Kafin ki liƙa taki, 'yar uwa, miƙa wa abokiyar aikin da ba ta ga jagorar ba, ki tambaye ta layi-layi: wannan dole ne ko zaɓi, kuma wa za a yi wa? Duk layin da amsarta ta saɓa da littafin, a sake rubuta shi.