Murya Na Yankewa a Zoom Alhali Data Na Da Ƙarfi: Me Lambobin Statistics Ke Faɗa?

Daga ofishinmu na Tunfure a Gombe nake shiga taron Zoom da abokan aiki na Abuja duk Litinin. Kullum sai su ce muryata na yankewa, ni kuwa ina jin su sarai. Na gwada gudun data, megabit 20 ya nuna. Ina matsalar take?

Malam, wannan lambar ta megabit tana nuna yawan datar da layinka ke iya ɗauka ne, ba ta nuna ko tana isa a kan lokaci. Murya kaɗai ba ta cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, don haka megabit 20 ya ishe ta har da rara mai yawa. Abin da take buƙata shi ne daidaito. Manhajar tana daddatsa muryarka zuwa ƙananan fakiti, galibi kowanne na ɗauke da milisakan 20 na sauti, wato fakiti 50 a duk daƙiƙa. Ka tuna yadda leburori ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar dakin: in wani kwano ya zube a hanya, ko uku suka iso a tare sannan aka yi shiru, aikin magini ya tsaya ko da yashi da siminti sun cika fili.

Shi ya sa bidiyon da kake kallo a intanet ba ya tsayawa a kan layin nan ɗaya. Shi yana tara na gaba ya ajiye, abin da ya ɓace kuma a sake aiko shi. Hira kai tsaye ba ta da wannan sararin, fakitin da ya makara tamkar bai zo ba ne.

A ina zan ga waɗannan lambobin?

A Zoom na kwamfuta, kana cikin taron ka buɗe Settings, ka shiga Statistics, ka danna Audio. Za ka ga Latency, Jitter da Packet Loss, kowanne da layi biyu, Send da Receive. A Teams sunan wurin Call health. Sai ana cikin kiran suke bayyana, kuma ka duba su a daidai lokacin da aka ce maka ba a jin ka.

To na gan su. Me kowanne ke nufi, kuma nawa ne ya yi yawa?

Latency shi ne jinkirin tafiya. Zoom na ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150. Jinkiri shi kaɗai ba ya yanka murya. Abin da yake jawowa shi ne ku riƙa cin karo a magana, ka yi sallama a yi shiru, sai ku soma magana a tare.

Jitter kuma rashin daidaiton isowar fakitin ne, kuma ana so kada ya haura milisakan 40. Manhajar mai sauraro tana riƙe fakitin na ɗan lokaci don ta jera su kafin ta fitar da sauti. Idan tazarar ta fi ƙarfin wannan jiran, sai ta jefar da na baya ko ta ƙara jira. A kunne za a ji murya ta tsaya, sannan ta zo da sauri kamar ana kora ta.

Packet Loss shi ne kason fakitin da suka salwanta, iyakarsa kashi 2 cikin 100. A lissafinmu na fakiti 50, kashi 2 fakiti ɗaya ne a daƙiƙa, kuma manhajar na iya cike gurbinsa ba tare da kowa ya lura ba. Amma ka kula, lambobi biyu ake nunawa a nan, matsakaici da kuma mafi yawa a cikin baka. Ni na cikin bakan na fi dubawa, domin fakiti ba su cika ɓacewa ɗaya-ɗaya ba, a jere suke tafiya.

Nawa sun nuna haka. Send: Latency 310, Jitter 95, Packet Loss 6 da 18 a cikin baka. Receive: 120, 15 da 0.3. Yaya zan karanta su?

Amsar tambayarka ta farko ke nan. Receive shi ne abin da ke zuwa maka daga sabar Zoom, wato kwamfutar kamfanin da ke haɗa taron, kuma duk lambobinsa uku lafiya lau suke, shi ya sa kake jin mutanen Abuja. Send shi ne abin da ke fita daga wajenka, kuma duk ukun sun wuce iyaka. Kashi 6 na nufin fakiti 3 na ɓacewa duk daƙiƙa. Kashi 18 kuwa fakiti 9 ne. In a jere suka tafi, milisakan 180 na maganarka ke nan, wanda ya isa ya cinye gaɓar kalma guda. Ka ce "kar a biya", a can su ji "a biya".

Idan jinkiri, rashin daidaito da asara suka tashi tare a ɓangaren Send kaɗai, zargina na farko shi ne hanyar fita ta cushe. A layin 4G gudun turawa ya saba zama ƙasa da na saukewa, kuma megabit 20 ɗin nan na saukewa ne. Wayar abokin aiki ɗaya da ke loda hotunan ziyarar ƙauye zuwa Google Photos, ko kwamfutar da ke tura rahoto zuwa OneDrive, ta isa ta cika shi. Fakitin muryarka sai su bi layi a cikin maifai, na'urar da ke raba muku data ta waifai, a bayan hotuna, jinkiri ya tashi, in layin ya cika a zubar da saura. Safiyar Litinin kuwa lokacin ne kowa ya dawo ofis, wayoyi suka kama waifai.

Gwajin bai da wuya. Ka cire sauran na'urori daga maifai, ka kashe kyamararka, ka jira kamar minti ɗaya ka sake duba Send. In lambobin sun faɗo, ka gano ta.

In ba su faɗo ba fa? Ta yaya zan bambance laifin waifai da na kamfanin layi?

Ka raba hanyar gida biyu. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta `ipconfig`, ka duba lambar da ke gaban Default Gateway, ita ce adireshin maifai ɗinka. A wasu 192.168.8.1 ce, a wasu 192.168.0.1. Sai ka yi wannan, da lambar taka a layin farko:

```
ping -n 50 192.168.8.1
ping -n 50 8.8.8.8
```

Na farkon bai fita daga ɗakin ba, don haka ya kamata amsa ta dawo cikin milisakan kaɗan, ƙasa da 10 galibi, ba tare da asara ba. In ka ga yana tsalle zuwa 200, ko `Request timed out.` na fitowa, tsakaninka da maifai ne: bango, nisa, ko cunkoson waifai na maƙwabta. Ka matso kusa, ko ka jona shi da kebul. In na farkon ya yi kyau, na biyun da ke fita zuwa intanet ne ke tsalle, to matsalar daga maifai zuwa turken sabis take ko gaba da shi. A nan sai ka kai maifai bakin taga ko ka gwada wani layin. Ka dai sani `ping` sau ɗaya yake turawa a daƙiƙa, don haka asarar da ke zuwa ta wuce da sauri na iya kuɓuce masa. Ka yi shi ana cikin taron.

Wani lokacin lambobina duk suna da kyau, amma taron na sarƙewa.

Ka lura da wanda ke yankewa. Lambobinka tsakaninka da sabar Zoom suka tsaya, don haka in mutum ɗaya ne muryarsa ke karyewa kuma kowa na jin haka, Send ɗinsa ne ya lalace, kuma ba zai fito a allonka ba. Shi za a ce ya duba nasa.

In kuwa kowa ne ke yanke maka, ka danna Overall ka duba CPU. Kwamfutar da ke aiki kusa da ƙarshen ƙarfinta ba ta iya sarrafa sauti da hoto a kan lokaci. A zafin Maris da Afrilu na Gombe takan rage gudun kanta don kada ta ƙone, haka ma in an ɗauke wuta ta koma kan batiri da tsarin tattalin caji. Ka rufe burauza da sauran manhajoji, ka kashe hoton bango na bogi da HD a Settings, sannan ka ɗaga ta daga kan kujera ko cinya don fankarta ta sami iska.