Raguwar boltejin dayod da ƙaruwar zafi

Dayod na silikon, wato ɗan kayan lantarki da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, yana cin boltej kimanin bolt 0.6 zuwa 0.7 idan lantarki na ratsa shi ta hanyar da yake buɗewa. Wannan adadi ba a tsaye yake ba. Muddin ƙarfin kwararar lantarkin bai canja ba, duk digiri ɗaya na Selsiyas da zafi ya ƙaru, boltejin yana sauka da kimanin milibolt 2.

Dalilin yana mahaɗar ɓangarori biyu na dayod ɗin, inda akwai shingen da sai ilektaron sun tsallaka. Zafi yana ƙara musu kuzari, yana kuma 'yanto wasu da dama daga cikin silikon, don haka turi kaɗan ya isa a samu kwarara iri ɗaya. A lissafi ana rubuta:

```
I ≈ Is × exp(V / (n × kT/q))
```

A nan I kwarara ce, V boltej ne, T zafi ne a ma'aunin kelbin, k da q lambobi ne tsayayyu, n lamba ce tsakanin 1 da 2 gwargwadon irin dayod, Is kuma 'yar ƙaramar kwarara ce da ke zurarewa ta baya a dayod ɗin. Kashin kT/q, wanda ya kai kusan milibolt 26 a zafin ɗaki, yana ƙaruwa da zafi, kuma da shi kaɗai ne da boltejin hawa zai yi. Amma Is yana bunƙasa da saurin da ya rinjaye shi nesa ba kusa ba. Ana iya ƙiyasta saukar haka: a cire bolt 1.2, wato kusan gibin makamashin silikon, kuzarin da ake buƙata don 'yanto ilektaron, daga bolt 0.6, a raba da kelbin 300 na zafin ɗaki. Amsar ita ce raguwar milibolt 2 a kowane digiri.

Wannan sauka kusan miƙaƙƙiya ce, shi ya sa dayod mai arha kamar 1N4148 yake zama ma'aunin zafi. Ana ba shi kwarara tsayayya ta miliamfiya 1, a rufe ƙafafunsa don kada su jiƙe, a tsoma shi a ruwan ƙanƙara, sannan a tafasasshen ruwa. A ce mita ta nuna bolt 0.650 a ruwan ƙanƙara mai digiri 0, da 0.450 a tafasasshen ruwa mai digiri 100. Idan daga baya ta nuna 0.570, an sauka milibolt 80 ke nan, wato digiri 40. Sai dai a tudu kamar Jos ruwa yana tafasa ne wajen digiri 96, dole a yi lissafi da hakan.

Babban abin da ke ɓata awon shi ne kwararar da ba ta tsaya ba: ninka ta biyu yana ƙara aƙalla milibolt 18, kuskuren digiri 9. Idan kuma ta yi yawa, dayod ɗin zai ɗumama kansa, sai a ga lambar mita tana zamewa ƙasa a hankali bayan an kunna. Ga shi kowane dayod da nasa boltej, sai an gwada shi shi kaɗai.

Maganin wannan na ƙarshe shi ne a ratsa mahaɗa ɗaya da kwarara biyu, ɗaya ninki goma na ɗaya, a auna bambancin. A nan Is yana fita daga lissafi, bambancin kuma yana hawa da kimanin milibolt 0.2 a kowane digiri idan n ya kusa 1. Da irin wannan dabara ake auna zafin cikin firosesa ta kwamfuta.