Lissafin harajin saye da harajin sayarwa a tsarin harajin ƙarin daraja

Harajin ƙarin daraja, wanda ake gani a jikin rasit da haruffan VAT ko TVA, haraji ne da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka a kowane mataki na ciniki, tun daga mai sarrafawa har zuwa mai saye na ƙarshe. Faransa ce ta fara aiki da shi a 1954 bisa tsarin da jami'in haraji Maurice Lauré ya fitar, kuma a yau ƙasashe fiye da 160 suna karɓar sa. Ɗan kasuwar da ya yi rajista da hukumar haraji yana da ƙafa biyu a cikin wannan tsari. Idan ya sayar, yana karɓar haraji daga hannun mai saye, wannan shi ne harajin sayarwa. Idan ya sayo kayan sana'arsa, shi ma ana karɓa daga hannunsa, wannan shi ne harajin saye. A ƙarshen kowane zango na lissafi, kamar wata ɗaya ko wata uku, yana cire na saye daga na sayarwa, abin da ya rage shi yake kai wa hukuma.

Tushen lissafin gaba ɗaya shi ne cewa harajin sayarwa ba kuɗin ɗan kasuwa ba ne. Amana ce ta hukuma da ta biyo ta hannunsa. Saboda haka a littafin lissafi ba a haɗa shi da kuɗin ciniki. Ana rubuta shi a matsayin bashin da hukuma ke bin sa. Harajin saye kuma ba a haɗa shi da tsadar kaya, ana rubuta shi a matsayin abin da shi yake bin hukuma, muddin doka ta yarda a cire shi. Nauyin harajin yana tsayawa ne a kan mai saye na ƙarshe, wanda ba shi da rajista kuma ba shi da inda zai cire abin da ya biya.

Yadda lissafin wata guda yake

A ɗauki wani kafinta mai rajista da ke yin kujeru da tebura, a ƙasar da harajin yake kashi 10 cikin ɗari kuma ake miƙa bayani wata-wata. An zaɓi kashi 10 ne don sauƙin lissafi, alƙaluman kuma ba na kuɗin wata ƙasa ba ne.

A cikin watan ya sayar wa masu saye na cikin gida kaya na 1,200,000, ya ɗora haraji 120,000 a kai. Ya kuma aika kaya na 300,000 zuwa ƙasar waje, waɗanda harajinsu sifili ne. Kafin wata ya ƙare, wani mai saye ya dawo da tebura na 100,000 saboda ba su zo yadda aka yi alkawari ba. Kafintan ya rubuta masa takardar ragi ta 110,000, wato kuɗin kaya da harajin da ke kansu. Harajin sayarwa na watan ya koma 110,000 ke nan.

A ɓangaren saye, ya sayi katako na 400,000 da haraji 40,000, fenti da gam da ƙusoshi na 100,000 da haraji 10,000, ya biya kuɗin wutar lantarki 50,000 da haraji 5,000, ya kuma sayi sabon injin yanka na 300,000 da haraji 30,000. Jimillar harajin saye ta zama 85,000. Akwai wasu kuɗaɗe biyu da ya kashe waɗanda ba su shiga wannan jimilla ba. Albashin ma'aikatansa babu haraji a kai. Haka kuma soson kujera na 60,000 da ya saya a wurin wani ƙaramin ɗan kasuwa marar rajista. Tunda wancan bai ɗora masa haraji ba, babu abin da zai cire.

Idan aka cire 85,000 daga 110,000, saura 25,000. Shi ne abin da zai biya, tare da fom ɗin da ke nuna jimillar ciniki da jimillar saye da harajin kowane ɓangare.

Abu biyu sun cancanci a tsaya a kansu a wannan misali. Na farko, ba a jiran a sayar da kayan kafin a cire harajin sayensu. Ko da rabin katakon yana nan jibge a sito, 40,000 ɗin duka ana cire shi a watan da aka saye shi, domin lissafin na zango ne, ba a bin kowane tebur da katakonsa. Na biyu shi ne injin. A yawancin ƙasashe, ciki har da na Tarayyar Turai, ana cire harajin injina da sauran kayan jari gaba ɗaya nan take, ba a raba shi bisa shekarun da injin zai yi aiki. Wasu ƙasashe kuwa sun taƙaita cirewa ga kayan da ake sayarwa ko ake sarrafawa kai tsaye. A ƙarƙashin irin wannan doka, harajin inji da na wuta ba za su ciru ba, sai kafintan ya biya 60,000 maimakon 25,000, bambancin kuma ya shige cikin farashin kujerunsa.

Idan harajin saye ya fi na sayarwa yawa, kamar yadda kan faru ga mai fitar da kaya waje ko wanda ya sayi babban inji, ɗan kasuwar ne ke bin hukuma bashi. Ko dai ta mayar da rarar, ko a tura ta zuwa zango na gaba a cire. Jinkirin mayar da wannan rara na daga cikin manyan raunin tsarin a aikace, domin jarin ɗan kasuwa ne ke kwance a hannun gwamnati.

Sifili da keɓewa

Nan ne aka fi ruɗewa, domin a idon mai saye duka biyun ɗaya ne: bai biya haraji ba. A wurin ɗan kasuwa kuwa tazarar tana da girma. Kayan da harajinsu sifili ne suna cikin tsarin, saboda haka mai sayar da su yana cire duk harajin da ya biya wajen samar da su, kamar yadda kafintan ya cire harajin katakon da ya yi kayan fitarwa da shi. Kayan da aka keɓe daga haraji kuwa, irin su ayyukan banki da inshora da kiwon lafiya da ilimi a ƙasashe da dama, mai samar da su ba ya karɓar haraji, kuma ba shi da ikon cire wanda ya biya. Harajin sayen ya zama ɗawainiya a kansa.

Mai yin ciniki iri biyu, wani mai haraji wani keɓaɓɓe, dole ya raba harajin sayensa. Abin da ya saya don ɓangare mai haraji kaɗai yana cire shi duka, na ɓangaren keɓaɓɓe ba ya cire komai. Abin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai, kamar wuta da kayan ofis, akan raba shi bisa yawan ciniki. Idan cinikinsa mai haraji 600,000 ne, keɓaɓɓe kuma 400,000, harajin kayan tarayya kuma 20,000, to kashi 60 cikin ɗari zai cire, wato 12,000.

Sharuɗɗan cirewa

Biyan haraji kaɗai ba ya ba mutum ikon cire shi. Sai an sayi abin don sana'ar, ba don gida ba. Abin da ake amfani da shi ta fuska biyu, kamar wayar hannu ko man mota, ana raba shi. Sai kuma akwai rasit na haraji ingantacce, mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar rajistarsa, kwanan wata, lambar rasit, bayanin kaya, kuɗinsu kafin haraji, da adadin harajin a rubuce daban. Rasit da ba shi da lambar rajista, ko wanda aka rubuta da sunan wani, masu bincike suna watsi da shi ko da kuwa an biya kuɗin da gaske. Akwai kuma abubuwan da doka kan hana cire harajinsu kwata-kwata. A Birtaniya, alal misali, ba a cire harajin liyafar da aka yi wa abokan ciniki, haka ma yawancin motocin hawa da za a iya amfani da su don buƙatar kai.

Tsananin da ake yi kan rasit yana da dalili. Rasit na haraji tamkar cek ne da ake karɓa daga baitulmali, domin wanda ya riƙe shi yana rage abin da zai biya. Shi ya sa 'yan damfara kan yi rajista, su sayar, su karɓi haraji, su ɓace ba su kai wa hukuma ba, mai saye kuma ya cire harajin da rasit ɗin da suka ba shi. A 2006 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa wanda ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa cinikinsa yana da alaƙa da irin wannan damfara, ana iya hana shi cire harajin saye. Duba lambar rajistar sabon abokin ciniki kafin a biya shi kariya ce mai sauƙi da bai kamata a tsallake ba.

Lokaci da inda ake tuntuɓe

A ƙa'ida ta gama-gari, haraji yana hawa ne lokacin da aka miƙa kaya ko aka rubuta rasit ko aka karɓi kuɗi, gwargwadon abin da dokar ƙasa ta tsara, ba lallai sai mai saye ya biya ba. Kafintan da ya ba da kaya bashi na wata uku zai biya harajinsu daga aljihunsa a wannan watan. Don rage wannan nauyi, wasu ƙasashe suna barin ƙananan 'yan kasuwa su yi lissafi bisa kuɗin da ya shigo da wanda ya fita kawai. Idan bashin ya mutu, akan yarda a dawo da harajin da aka riga aka biya. A Birtaniya sai bashin ya wuce wata shida. Tsawon zangon ma ya bambanta: wasu ƙasashe wata-wata, Birtaniya galibi wata uku-uku, a biya cikin wata ɗaya da kwana bakwai bayan rufe zangon.

Kuskuren da ya fi yawa a lissafi shi ne fitar da haraji daga farashin da aka riga aka haɗa shi a ciki. Idan an karɓi 110,000 har da haraji, harajin 10,000 ne, ba 11,000 ba, domin ɗaya bisa goma sha ɗaya ake ɗauka. Inda harajin yake kashi 20 cikin ɗari, ɗaya bisa shida ne. Wani kuskuren shi ne cire harajin rasit ɗaya sau biyu, ko mantawa da takardar ragi da aka karɓa daga mai sayarwa, wadda ke rage harajin saye.

Ana gano waɗannan ta hanyar gwaji mai sauƙi kafin a miƙa fom. A ɗauki cinikin da ke da cikakken haraji, a ninka shi da kason harajin, a ga ko ya yi daidai da harajin sayarwa: a wurin kafintan, kashi 10 cikin ɗari na 1,100,000 ya ba da 110,000. Sannan a duba asusun haraji da ke littafin lissafi. Abin da ya rage a cikinsa ranar ƙarshen wata dole ya zama 25,000 ɗin da ke kan fom, kuma bayan an biya ya koma sifili. Idan wani abu ya saura, akwai rasit da aka tsallake ko aka rubuta a watan da ba nasa ba. Hukumomi su ma suna gwada harajin sayen da mutum ya cire da harajin sayarwar da abokin cinikinsa ya bayyana, kuma a wasu ƙasashen da rasit na lantarki ya zama dole, kamar Italiya tun 2019, rasit ɗin yana bi ta na'urar hukuma kafin ya isa hannun mai saye.