An rubuta 99 cikin 100 a jikin kwali, amma ga ta da ciki

Wata ranar Talata, bayan mun sallami masu awo, wani magidanci ya shigo ɗakin tazarar haihuwa na ƙaramin asibitinmu a nan Gombe, matarsa na biye da shi da goyo. Ko zama bai yi ba ya ajiye kwalin ƙwayoyi a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan takardar ciki.

"Malama, ƙanina ya karanta mini. An ce wannan magani yana aiki fiye da 99 cikin 100. To ga ta da cikin wata biyu. Ko dai jabu kuka ba ta, ko kuma ba ta sha ba ta ɓoye mini."

Ita kuwa kanta na sunkuye, abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Wallahi ban taɓa tsallake ƙwaya ko ɗaya ba."

Na ce, "Malam, zauna tukuna." Abin da na faɗa musu a ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, domin wannan lamba ta jikin kwali ta sha jawo wa mata zargin da ba su ci ba su sha ba.

Kowace hanyar tazarar haihuwa lambobi biyu gare ta, kuma dukansu amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: idan mata 100 suka fara amfani da hanyar yau, nawa ne za su ɗauki ciki kafin shekara ta zagayo? Lamba ta farko ta waɗanda suka bi ƙa'ida sau da ƙafa ce, ba mantuwa, ba jinkiri. Ta biyu ta yadda mutane ke amfani da ita ce a zahiri, da mai kiyayewa da mai mantuwa da wadda ta zo asibiti ta tarar maganin ya ƙare, duk a kwando ɗaya. A ƙwayoyi, ta farko ba ta kai mace 1 cikin 100 ba, wajen 3 ce cikin 1,000. Ta biyu kuwa wajen mata 7 ne cikin 100, kamar yadda littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna. Ƙanin mutumin nan ta farkon ya karanto. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce lambar gidan da ake tafiye-tafiye da biki da jinyar yara ba.

Yadda ake fitar da lambar ba wani sihiri ba ne. Tsohuwar hanyar, wadda wani masani Ba'amurke mai suna Raymond Pearl ya fito da ita a 1933, watanni take ƙirgawa maimakon kawuna. Bari in ƙirƙiro misali don a gani. A ce mata 100 sun fara allura a watan Janairu. Sittin sun ci gaba har wata 12, wato watanni 720 ke nan. Talatin sun tsaya bayan wata 5, sun ba da watanni 150. Goma sun tsaya bayan wata 3, watanni 30. Jimla watanni 900. A cikin wannan lokaci aka samu ciki 3. Wanda ya yi gaggawa zai ce ai 3 cikin 100 ne. To amma ba duka ɗarin suka cika shekara ba. Sai a ninka 3 da 1,200, wato watannin mata 100 a shekara guda, a raba da 900. Amsa 4. Duk wanda ya raba yawan ciki da yawan sunayen da ke cikin rajista, ya manta da waɗanda suka daina zuwa, to ya ƙawata maganin fiye da yadda yake. Mu ma'aikata ma muna faɗawa wannan rami idan muna haɗa rahoto.

Lissafin Pearl ɗin ma yana da nasa aibin. Cikin da ba a shirya ba ya fi faruwa a watannin farko, lokacin da mace ba ta saba ba, kuma waɗanda suka fi saurin ɗauka ko yawan mantuwa su ne ke fara fita daga cikin lissafi. Waɗanda suka rage masu kiyayewa ne. Saboda haka in aka ja bincike ya yi shekara 3, lambar sai ta fito ƙarama fiye da ta binciken shekara 1, alhali magani ɗaya ne. Shi ya sa masu bincike suka fi son bin abin wata-wata: a kowane wata a duba mata nawa suka rage, nawa suka ɗauki ciki, a yi ta haɗawa har wata 12. Ita kuma lambar bin ƙa'ida, watannin da mace ta ce ta bi komai daidai kaɗai ake ɗauka, da cikin da ya shiga a waɗannan watanni. Ka ga ke nan ta dogara ga abin da mutum ya tuna ya kuma faɗa, kuma kowa ya san halin ɗan Adam in ana tambayarsa ko ya yi kuskure.

Da na ambaci 7 cikin 100, sai maigidan ya ɗago. "Wato duk saduwa ɗari, bakwai za su zama ciki?"

Wannan ita ce gurguwar fahimtar da na fi ji. Na ce masa, "Malam, ma'auratan da ke saduwa sau biyu a mako sun kai sau ɗari a shekara. Da haka lissafin yake, da sai mace ta yi ciki bakwai a shekara guda." Ya yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Mata ake ƙirgawa, a tsawon shekara. Mata 93 sun sha ƙwayar shekara cur ba su ɗauki ciki ba. Kuma sai an ajiye lambar kusa da 'yar'uwarta take ba da ma'ana: in mata 100 masu aure ba su yi amfani da komai ba, wajen 85 ne za su ɗauki ciki a shekarar.

Akwai kuma masu karkata ɗaya gefen, su ɗauka 7 ɗin na har abada ne. Na shekara ɗaya ne. In da haɗarin zai tsaya yadda yake, daga 100 saura 93 a shekarar farko, wajen 86 a ta biyu, wajen 80 a ta uku. Wato mace 1 cikin 5 a shekara uku. A zahiri bai cika kai haka ba, saboda dalilin da na faɗa, mai daɗewa tana ƙwarewa. Amma matar da ke son hutun shekara uku bayan tiyatar haihuwa ya kamata a yi mata wannan lissafi kafin ta zaɓa.

Sai na juya ga matar. Na ce, "Ƙanwata, ba ni labarin watan da ya gabaci wannan ciki, tun daga ranar da katin ya ƙare."

Ta yi shiru, sannan ta ce an yi bikin ƙanwarta a Bajoga. Katin ƙwayoyin ya ƙare tana can, sabon kuma yana gida cikin kwalla. Ta dawo, gajiya da baƙi, ba ta fara sabon ba sai bayan kwana biyar. A nata lissafin ba ta tsallake komai ba, tunda kowace ƙwaya da ke jikin kati ta haɗiye ta. Gaskiya ta faɗa. Sai dai jinkirin fara sabon kati ya fi mantuwar tsakiyar wata haɗari, domin a ƙarshen kowane kati akwai kwana 7 da jiki ba ya samun sinadarin da ke hana ɗaukar ciki, ko da ana shan ƙwayoyin nan masu launi daban. In aka ƙara kwanaki a kai, sai jiki ya farka ya saki ƙwai. Ƙa'idar ita ce, wadda ta makara da kwana 3 ko fiye ta fara sha nan take, sannan su yi amfani da kororon roba ko su ƙaurace wa juna har kwana 7. Na tambaye ta ko an gaya mata haka ranar da ta karɓa. Ta ce a'a. Wannan laifin namu ne, kuma na faɗa a gaban mijin. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ɗaya, sai a miƙa kati a ce "kullum ɗaya" a kira ta gaba.

Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, in ka duba da kyau, tana auna yawan abin da hanyar ke nema daga hannun mutum. Ƙwaya tana neman tunawa kullum. Allurar wata 3 tana neman zuwa sau huɗu a shekara, shi ya sa lambarta ta zahiri wajen 4 ce cikin 100, ta ƙa'ida kuma wajen 2 cikin 1,000. Yawancin wannan bambanci makara ce: damina ta yanke hanya, ko aikin gona, ko kuɗin mashin. Wadda ta makara kada ta zauna a gida tana cewa ta riga ta ɓata, domin ana iya yi mata allurar har mako 4 bayan ranarta. Kororon roba yana neman a sa shi kowane lokaci tun daga farko, don haka daga 2 yake tashi zuwa wajen 13 cikin 100. Azalu kuwa daga 4 zuwa wajen 20 cikin 100. Ashanar hannu, wato ɗan siririn abin da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar dantse, da zarar an sa ta ba abin da za a manta, lambobinta biyu kusan ɗaya ne, wajen mace 1 cikin 1,000. Robar mahaifa ma ba ta kai 1 cikin 100 ba.

Ba ina cewa kowa ta koma ashana ba. Wata jinin da ke rikicewa yana hana ta sanin tsarkinta, ta ce a cire, kuma tana da gaskiyarta. Ita ma ashanar akwai abin da ke raunana ta, kamar yadda yake raunana ƙwayoyi: maganin tarin fuka mai suna rifamfisin, da wasu magungunan farfaɗiya. Mai shan su ta faɗa kafin a ba ta komai. Wani lokacin kuma abin da unguwa ke kira "ta yi ciki da ashana a hannu" ciki ne da ya riga ya shiga kafin a sa ta, ƙanƙani ne gwaji bai nuna ba. Hoton ciki kan warware wannan, in aka lissafa makonnin aka koma baya.

Wani abu da nake so masu karatu su sani: yawancin waɗannan lambobi na zahiri daga binciken matan Amurka aka samo su, aikin da James Trussell na Jami'ar Princeton ya shahara da shi. Lambar ƙa'ida ba ta cika canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba, tunda aikin magani ne a jiki. Ta zahiri kuwa tana bin rayuwa. Matar da ke Tudun Wada, asibiti na bayan gidanta, da wadda ke ƙauyen da ke bayan Dukku, ba halinsu ɗaya ba ko da allura ɗaya aka yi musu. Shekaru ma suna shiga ciki, 'yar 22 ta fi 'yar 40 saurin ɗauka, haka nan wadda mijinta ke gida kullum da wadda nata ke ci-rani.

Maigidan ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa. Can ya ce, "To ƙwayar da ta ci gaba da sha kafin mu gane, ba za ta taɓa yaron ba?" Na ce ba a san tana cutar da ɗan tayi ba, ta daina kawai daga yau. Na buɗe mata katin awo, na rubuta mata ranar dawowa, muka bar maganar hanyar da za ta zaɓa sai ta kusa haihuwa. Shi ya karɓi katin ya sa a aljihun gaba, ya tambaye ni ƙarfe nawa ake fara awon.