Ma'anar "siffantawar tunani": me ya sa ake cin kuɗi, ake shan wahala?

A teburin mai shayi a Samaru, lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito, za ka ji ɗalibi yana ce wa abokinsa, "Wallahi na ci, amma fa na sha wuya." Kofin shayi na hannunsa, burodi na gabansa, amma ba su yake nufi ba. Jarrabawa ya ci, wuya ya sha, kuma babu wanda zai ɗaga kai ya ce ya yi wata fasaha. Irin wannan magana ce masana kimiyyar harshe da tunani suke bibiya da wata kalma da na zaɓi in kira siffantawar tunani.

Siffantawa dai mun san ta tun a ajin adabi. Idan maroƙi ya ce wa sarki giwa, ko ya ce masa bango madafar bayi, ya siffanta shi, kuma mai sauraro ya san ado aka yi wa magana. A shekarar 1980 George Lakoff, masanin harshe a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da Mark Johnson, masanin falsafa, suka fitar da littafinsu Metaphors We Live By, inda suka ce siffantawa ba ta tsaya a bakin mawaƙa ba. A ganinsu ita ce hanyar da mutum yake bi ya fahimci abin da ba ya iya taɓawa, kamar lokaci ko nasara ko bashi, ta hanyar abin da jikinsa ya sani, kamar tafiya ko nauyi ko cin abinci. Wato a tunani take zaune, kalmomin da muke ji sawunta ne kawai.

Fage biyu ne a cikin lamarin. Akwai fagen da ake aro daga gare shi, wanda yawanci na jiki ne, akwai kuma fagen da ake son fahimta. Abin da ake arowa ya wuce kalma ɗaya. Tsarin fagen ake ɗaukowa, a ɗora kowane sashe a kan takwaransa. Misalin da Lakoff da Johnson suka fi shahara da shi shi ne ɗaukar lokaci a matsayin kuɗi, kuma sun danganta shi da al'ummar da ake biyan ma'aikaci gwargwadon sa'o'in da ya yi. Mu ma muna cewa an ɓata mana lokaci, ko "ara mini minti biyar". Sai dai a ganina Bahaushe ya fi saurin kama zancen idan aka shiga ta bakinsa da cikinsa, domin a nan arzikin harshenmu yake.

Ɗauki aikatau "ci". Ana cin jarrabawa, ana cin zaɓe, ana cin riba a kasuwar Sabon Gari, ana cin gado, ana cin sarauta. Idan ana ba da tarihin Zazzau cewa ake Sarauniya Amina ta ci garuruwa da yaƙi. A filin ƙwallo sai a ce an ci mu biyu. Sannan ka juya ga "sha": shan wahala, shan kashi, shan rana, shan suka, shan kaye, shan ɗauri. Bafaranshe Claude Gouffé ya yi rubutu a kan waɗannan aikatau biyu na Hausa tun 1966, sannan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka sake duba su. Abin da suka fitar shi ne "ci" yana karkata ga rinjaye da mallakewa, "sha" kuma yana karkata ga abin da ya auka wa mutum yana ji yana gani.

Dalilin yana cikin jiki. Mai cin tuwo yana aiki: ya yanko loma, ya tauna, ya haɗiye, kuma malmalar da ke gabansa ta ƙare ta koma cikinsa. Shi ne mai iko, tuwon ne ya yi asara. Mai shan ruwa kuwa ba ya tauna komai, ruwan ne yake gangarawa ya ratsa shi, sau da yawa ma magani ne mai ɗaci aka ɗura masa. Shi ya sa ɗalibin nan na Samaru bai ce ya sha jarrabawa ya ci wuya ba. A jimla ɗaya ya raba abin da ya rinjaya da abin da ya jure.

Bari mu bi magana ɗaya daki-daki. A ce mata goma a Tudun Wada suna adashi, kowace tana zuba naira dubu 20 a wata, kwasa ɗaya ta kama dubu 200. Ranar kwasa ta zo, uwar adashi ta fara kame-kame. Mai kwasar za ta ce, "Hajiya ta cinye mana kuɗi." A nan uwar adashi ce mai ci, dubu 200 su ne abincin, aljihunta da buƙatunta su ne cikin. Saurari yadda sauran matan za su ci gaba da zancen. Wata ta ce ai ta lamushe su, wata ta ce ta haɗiye ko ruwa ba ta nema ba, wata ta ce ta ci ta goge baki. Idan ƙarar ta kai gaban mai unguwa, abin da za a ji shi ne, "Sai ta amayar da su." Babu wadda ta zauna ta tsara wannan, amma dukkansu a fage ɗaya suke yawo, daga baki zuwa maƙogwaro zuwa ciki.

Wannan kalma ta amayarwa ita ce ta fi burge ni, domin tana nuna cewa har da hukunci aka aro. Kowa ya san abin da ya shiga ciki ba ya dawowa ta daɗi, sai da tilas, da wahala, da kunya a gaban mutane. Matan suna ɗauko wannan sani su ɗora a kan kuɗin, su yanke cewa dubu 200 ba za su fito da lallashi ba. Da a ce siffantawar a kalmar "ci" kaɗai take, da babu abin da zai jawo amai cikin zancen adashi. Haka a siyasa, wanda ya ci zaɓe da rata ana cewa ya lashe shi, kamar yadda yaro yake lashe kwano. Wanda ya sha wuya kuwa ana cewa ya ɗanɗana kuɗarsa. To wannan ita ce hanyar ganewa: idan ka ga kalmomi daban-daban na fage guda suna ta kwarara zuwa wani fage, kuma mutane suna iya ƙirƙiro sabuwa a fahimce su nan take, siffantawar tunani ce. Idan kuwa kalma ɗaya ce tilo ba ta da dangi, ka yi hattara kafin ka yi mata babban suna.

Mai cin ma ba dole ne ya zama mutum ba. Wanda ya yi gini zai ce maka ginin ya ci kuɗi, tela ya ce ɗinkin ya ci masa kwana uku, fasinja ya ce cunkoso ya cinye masa safiya. A nan kuɗi da lokaci duk sun zama abinci, kuma mu ne aka ci wa.

Kowace siffantawa tana haska wani gefe ta rufe wani, Lakoff da Johnson sun nanata wannan. Duba cin bashi. Kalmar tana haska daɗin karɓa da biyan buƙata, amma tana rufe babban abin da ya sa bashi ya zama bashi, wato biya. Abinci ba a mayar da shi, bashi kuwa dole a mayar. Karin maganar da ke cewa bashi hanji ne yana cikin kowa ta ƙara shigar da shi jiki, har ya zama kamar halitta, abin da ba a jin kunyarsa. Sannan aikatau ɗin bai damu da halal ko haram ba: da shi ake cin riba, da shi ake cin amana, da shi ake cin dukiyar marayu. Mahallin magana ne yake raba su.

Kuma ba duk abin da ke fagen ci ne yake ƙetarawa ba. Wanda ya ci jarrabawa ba a tambayarsa ko ta yi gishiri, ba a kuma cewa ta ɓata masa ciki. Jarrabawar ma ba ta ƙare don ya ci ta ba, ɗalibi ɗari za su iya cin ta rana ɗaya. Fagen da ake son fahimta yana da nasa tsari, yana karɓar abin da ya dace da shi ya watsar da saura.

Kuskuren da na fi gani wurin masu fara nazari shi ne su mayar da rabon nan na ci da sha doka. Ba doka ba ce, karkata ce. Muna cewa ya sha duka, muna kuma cewa ya ci duka, har ma ya ci na jaki, alhali wanda aka jibga bai rinjayi kowa ba. Muna cewa ya sha gabansa ko ya sha kansa, nan kuma mai shan ne da iko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa: cin farko na baki ne, na biyu kuwa wahala ce tsagwaronta, inda mai bin doka zai sa ran jin "sha". Kuskure na biyu shi ne a haɗa siffantawar tunani da maganar da wani sashe yake wakiltar dukkan abu. Idan magidanci ya ce ya fita neman na tuwo, bai fahimci sana'a ta hanyar tuwo ba, tuwon wani yanki ne na abin da sana'ar take kawowa gida, fage ɗaya ne ba biyu ba.

Akwai kuma suka mai ƙarfi da wasu masana suke yi wa ra'ayin gaba ɗayansa. Suna cewa daga kalmomi aka gano siffantawar, sannan aka dawo aka kafa hujja da kalmomin, to ina shaidar cewa tana cikin tunani? Mai cewa "ci gaba" sau hamsin a rana ba ya tuna tuwo ko sau ɗaya, kuma na yarda a irin wannan wuri "ci" ta daɗe da zama kalma mai ma'anoni da yawa kawai. Amma "cin kuɗi" daban ne. Ranar da ka ji wata cikin matan adashin nan ta ce, "Bar ta, ƙashi ne ta haɗiya, zai tsaya mata a wuya," sauran suka kwashe da dariya ba tare da an yi musu bayani ba, ka san a wurinsu kuɗin nan har yanzu abinci ne.