Ma'anar fitar da saurin canji a kaikaice, da yadda take buɗe arcsin da arctan

Ɗaliban da nake koyar da su kalkulas da yamma a nan Mabera, a birnin Sakkwato, sukan zo da haddar cewa saurin canjin arcsin x shi ne 1/√(1 − x²), amma idan na tambaye su daga ina wannan tushen murabba'i ya fito, sai aji ya yi tsit. Amsar tana cikin wata hanya da ake kira imfilisit difarenshiyeshan a ajujuwanmu, wadda ni na fi son in kira ta fitar da saurin canji a kaikaice. Shi saurin canji, wato dy/dx, yana gaya mana nawa y take motsawa idan x ta motsa kaɗan. Kaikaicen kuwa shi ne cewa ba ma jira sai an ware y ita kaɗai a gefe guda. Mukan ɗauki alaƙar da ke tsakanin x da y yadda muka same ta, mu yi aiki a kan ɓangarorinta biyu, muna tuna cewa y tana bin x duk inda ta nufa.

Sai an fara fahimtar abin da arcsin yake nufi. Sin yana karɓar kusurwa ya ba da lamba tsakanin −1 da 1, shi kuwa arcsin yana karɓar lambar ya mayar mana da kusurwar. Saboda haka y = arcsin x daidai yake da sin y = x. A kan kalkuleta ana rubuta shi sin⁻¹, kuma wannan −1 ɗin ya ɓatar da mutane da yawa, domin ba ya nufin 1/sin x ko kaɗan. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan tsallakewa: kusurwoyi barkatai ne suke da sin iri ɗaya, don haka aka amince cewa arcsin zai riƙa ba da kusurwar da ke tsakanin −π/2 da π/2 kawai, wato daga digiri −90 zuwa 90.

Aikin kansa gajere ne. Mun san saurin canjin sin, ba mu san na arcsin ba, don haka sai mu kama sin y = x. Idan muka fitar da saurin canjin ɓangarorin biyu, gefen dama yana ba da 1. Gefen hagu yana ba da cos y, amma da yake y tana dogara da x, dokar sarƙa, wato dokar fitar da saurin canjin abin da ya dogara da wani abu mai canzawa, ta wajabta a ninka shi da dy/dx. Sai mu samu cos y · dy/dx = 1, wato dy/dx = 1/cos y. A nan an gama kalkulas, abin da ya rage tirigonometiri ne na mayar da amsar ga x. Tun da sin² y + cos² y = 1, kuma sin y shi ne x, to cos² y = 1 − x².

A wannan gaɓa ce nake daɗewa da ɗalibai, domin lambar da murabba'inta ya zama 1 − x² tana iya zama mai ƙari, tana iya zama mai ragi. Abin da ke raba gardama shi ne sharaɗin nan da muka ambata: tsakanin −π/2 da π/2, cos ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka cos y = √(1 − x²), kuma dy/dx = 1/√(1 − x²). Wanda ya rubuta amsar bai faɗi wannan dalili ba, a ganina bai kammala hujja ba, ko da amsarsa ta dace. Don a ga cewa ba kaɗifiri ba ne, a ɗauki sin y = 0.6. Kusurwar digiri 36.87 tana cika wannan, ta digiri 143.13 ma tana cikawa, sai dai a ta farko cos y = 0.8, a ta biyu kuwa −0.8, don haka saurin canjin ya zama 1.25 a ɗaya, −1.25 a ɗayar.

Misalin da nake bayarwa na tsanin magini ne. A ce tsani mai tsawon mita 5 an jingina shi da katanga, kansa yana mita 3 daga ƙasa, gindinsa yana mita 4 daga katangar. Idan y ita ce kusurwar da ke tsakanin tsanin da ƙasa, sin y = 3/5 = 0.6, cos y = 4/5, saurin canjin kuma 5/4, wato 1.25. Yanzu magini ya matso da gindin har kan tsanin ya hau da santimita 5, wanda ya sa x ta tashi daga 0.60 zuwa 0.61. Lissafinmu yana cewa kusurwar za ta ƙaru da kimanin 1.25 × 0.01 = 0.0125 a ma'aunin radiyan, wanda a cikinsa π yake daidai da digiri 180. Kalkuleta tana ba da arcsin 0.60 = 0.6435 da arcsin 0.61 = 0.6561, bambancinsu 0.0126, wanda ya yi kusa ƙwarai da abin da muka hanga.

Wata ɗaliba ta taɓa gwada wannan ta samu 0.72, ta ce, “Malam, ko dai dokar ce ba daidai ba?” Da na karɓi kalkuletarta sai na ga DEG a saman allonta, alamar cewa da digiri take auna kusurwa. Saurin canjin sin yana zama cos ne kawai idan an auna kusurwa da radiyan, saboda haka duk abin da aka gina a kansa da radiyan yake. Alamar wannan kuskure a fili take: amsa takan ninka wadda ake tsammani kusan sau 57, domin radiyan ɗaya kimanin digiri 57.3 ne.

Tsanin yana kuma nuna iyakar dokar. Idan kansa ya kai mita 4.95, x ta zama 0.99, saurin canjin ya haura 7, ma'ana ɗan ƙarin tsayi kaɗan yana bukatar juya tsanin sosai. Idan ya miƙe cak, x = 1, cos y ya zama sifili, ba a kuwa rabawa da sifili. Shi ya sa arcsin yake da ƙima a x = 1 da x = −1 amma ba shi da saurin canji a can.

Arccos ba ya bukatar dogon bayani. Daga cos y = x ana samun −sin y · dy/dx = 1, kuma da yake kusurwarsa tana tsakanin 0 da π, inda sin ba ya yin ragi, amsar ita ce −1/√(1 − x²). Dalilin wannan ragi yana jikin tsanin: kusurwar ƙasa da kusurwar da ke jikin katanga kullum suna haɗuwa su ba da π/2, don haka abin da ɗaya ta ƙaru da shi, shi ɗayar ta rasa.

Arctan ya fi su sauƙin hali. Daga tan y = x ana samun sec² y · dy/dx = 1, inda sec y yake nufin 1/cos y, kuma tun da sec² y = 1 + tan² y = 1 + x², amsar ita ce 1/(1 + x²). Babu tushen murabba'i, don haka babu zaɓi tsakanin ƙari da ragi, kuma 1 + x² ba ya taɓa zama sifili, don haka dokar tana aiki ga kowace x. A x = 0 saurin canjin 1 ne, a x = 3 ya sauko zuwa 1/10, yana ta raguwa yayin da kusurwar take kusantar π/2 ba tare da ta kai ba.

Inda matsalar alama take sake dawowa da ƙarfi shi ne arcsec. Daga sec y = x ana samun sec y · tan y · dy/dx = 1, kuma tan² y = x² − 1. Idan littafi ya zaɓi kusurwa tsakanin 0 da π, ban da π/2, to tan y yana da ragi duk lokacin da x take da ragi, sai ninkinsu ya zama mai ƙari a kowane hali, amsar ta zama 1/(|x|√(x² − 1)), inda sanduna biyun da ke cikin |x| suke nufin a ɗauki girman x ba tare da alamar ragi ba. Wasu littattafan sukan zaɓi wani yanki daban ga x mai ragi, sai su rubuta x ba tare da sandunan nan biyu ba. Idan ɗalibi ya kawo mini littattafai biyu masu amsoshi mabambanta a kan arcsec, shafin da nake fara buɗewa a kowannensu shi ne wanda aka bayyana yankin kusurwar.