Waiwaye: Yadda aka soma sa ido kan illar rigakafi, da inda rahoton iyaye ya shigo

A watan Afrilun 1955 aka sanar a Amurka cewa allurar shan-inna da Jonas Salk ya haɗa tana aiki, nan take kuma aka shiga yi wa yara. Ba a yi mako biyu ba likitoci suka soma ganin abin da ya tayar musu da hankali: yaran da aka yi wa allura suna shanyewa, kuma a wurin da dama daga cikinsu shanyewar ta fara ne daga hannun da aka soka allurar. Shan-inna da aka saba gani ƙafa ta fi kamawa. Da aka bi sawu sai aka ga maganin ya fito ne daga kamfani guda, Cutter, da ke jihar Kalifoniya, inda wasu rukunan maganin suka fita kasuwa alhali ƙwayar cutar da ke cikinsu ba ta mutu ba. Kimanin yara 40,000 suka kamu, kusan 200 suka shanye, 10 suka rasu.

Abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne an iya amsa tambayoyi uku kan kowane yaro: yaushe aka yi masa, yaushe ciwon ya fara, kuma daga wane rukuni maganin ya fito. Har yau a kan waɗannan tambayoyi uku aka kafa aikin gaba ɗaya.

A lokacin babu wani tsari na dindindin. Wanda ya tilasta a gina shi ma ba rigakafi ba ne, wani maganin laulayin ciki ne mai suna talidomaid, wanda aka gano a 1961 cewa shi ke sa ana haifar jarirai da nakasassun hannuwa da ƙafafu, bayan dubbai sun riga sun shafu a ƙasashe da yawa. Kowane likita ya ga ɗaya ko biyu, babu wurin da za a tara labarin a ga girmansa. Birtaniya ta fito da tsarin katin nan mai ruwan ɗorawa a 1964, wanda likita zai cike ya aika idan ya zargi magani. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin haɗa rahotannin ƙasashe, aka fara da ƙasashe 10, kuma tun 1978 cibiyar da ke birnin Uppsala a Suwidin ce ke riƙe da rumbun. Amurka ta buɗe nata na rigakafi zalla, VAERS, a 1990, ta kuma ba iyaye damar aika rahoto da kansu.

Mai karatu zai iya tambaya: ba ana gwada rigakafi kafin a sake shi ba? Ana gwadawa, amma gwaji yana da iyaka, kuma labarin RotaShield ne ya fi nuna wannan iyakar. Rigakafi ne na ɗigawa a baki domin kare jarirai daga ƙwayar rota mai haddasa gudawa, an amince da shi a Amurka a watan Agustan 1998. A gwaji an ba jarirai kusan 10,000, biyar daga ciki suka sami wata matsalar hanji, inda wani ɓangaren hanjin ke zurmawa cikin na gaba da shi kamar yadda hannun riga ke shigewa ciki in an tuɓe ta da gaggawa. To amma wannan ciwo yana samun jarirai ko ba rigakafi, musamman a watannin da ake ba su shi. Biyar cikin dubu goma ba su isa a yanke hukunci ba. Sai aka rubuta shi a takardar maganin, aka ce a sa ido.

Zuwa watan Yulin 1999, rahotanni 15 sun shiga VAERS. Goma sha biyar kacal, a ƙasar da aka raba maganin da yawa. Abin da ya ja hankalin masu dubawa shi ne lokacin: mafi yawan yaran sun kamu ne cikin mako guda bayan ɗigon, galibi na farko. Da a ce katari ne, da an ga ciwon ya warwatsu a makonni daban-daban. Aka dakatar da maganin, aka shiga asibitoci aka kwatanta jariran da suka kamu da takwarorinsu da ba su kamu ba, aka ga haɗarin na gaske ne, kusan jariri 1 cikin kowane 10,000 da aka ba. A watan Oktoban 1999 aka janye shi. Rigakafin rota biyu na farko da suka biyo baya sai da aka gwada kowanne a kan jarirai fiye da 60,000 kafin a amince da su.

Rahotannin nan 15 ba su ne suka tabbatar da laifin maganin ba, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Rahoto ƙararrawa ce, bincike ne ke yanke hukunci. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ba sa kiran abin "illar rigakafi" tun daga farko, cewa suke yi "abin da ya faru bayan rigakafi". A ɗauka, misali, a cikin jarirai 10,000, guda 30 kan yi jijjiga a kowane wata saboda zazzaɓi iri-iri. Kullum ɗaya ke nan. In aka yi wa dukkansu allura ran Litinin, daga nan zuwa Laraba za a sami kamar uku da suka yi jijjiga ko da ruwa zalla ne a sirinjin. Uwar kowannensu za ta ce allurar ce, kuma ba wanda zai ga laifinta. Aikin mai bincike shi ne ya duba ko uku aka samu ko talatin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abin da kan biyo bayan rigakafi gida biyar: wanda sinadarin maganin kansa ya jawo, wanda aibi wajen sarrafawa ya jawo irin na Cutter, wanda kuskuren ma'aikaci ya jawo, wanda tsoron allura ya jawo kamar suman da matasa kan yi a layi, sai kuma wanda ya zo bisa katari. A ganina na ukun ne ya fi cancantar iyaye su sani, domin shi ne ake iya gyarawa gobe da safe. Rigakafin ƙyanda gari ne da ake damawa da ruwansa na musamman, kuma in an dama dole a zubar da ragowar bayan awa 6, in ba haka ba ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa a kwalbar. A tsibirin Samowa a 2018 jarirai biyu suka rasu jim kaɗan bayan allura, bincike ya nuna an dama maganin ne da wani maganin saki jijiya maimakon ruwansa. Tsoro ya sa iyaye suka ƙaurace wa rigakafin, a 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara. Maganin lafiyarsa ƙalau, hannu ne ya kuskure.

To me uwa ko uba za su yi? Da farko a san abin da aka saba gani. Zazzaɓi mai sauƙi, rigima, ja da kumburi a wurin allura na kwana ɗaya zuwa biyu ko uku, duk alamar jiki na karɓar maganin ne. Na ƙyanda yakan jinkirta, zazzaɓinsa da ɗan ƙuraje sai bayan mako guda zuwa kwana 12. Allurar tarin fuka kuwa takan yi ɗan ƙurji bayan makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo, kuma haka ake so.

Akwai kuma abin da ba a jira da shi. Numfashi da ƙyar, kumburin fuska ko leɓe, jiki ya saki cikin mintuna bayan allura: wannan borin jiki ne mai tsanani, yakan faru kamar sau 1 cikin allura miliyan, kuma allurar adirenalin ke kwance shi. Dominsa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi gida. Haka ma jijjiga, zazzaɓi mai zafi sosai, kuka mai ƙara da ya wuce awa 3 ba tsayawa, ƙurjin da ya tara ruwa, ko kuma, bayan ɗigon rota, jaririn da ke ƙwalla ihu yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya lafa ya sake, da amai, da kashi mai jini da majina. Waɗannan asibiti ake nufa kai tsaye. Rahoto ya biyo baya.

Bari mu ɗauki misali guda. An yi wa jaririya 'yar mako 10 allura a cinyar hagu ran Talata da safe. Ran Asabar wurin ya kumbura kamar ƙwai, ya yi zafi, ya soma ja ruwa. Uwar ta ɗauki hoto da waya, ta ɗauki katin rigakafi, ta koma inda aka yi allurar. Bayan an duba yarinyar, sai ta ce a fili tana so a cike takardar rahoton abin da ya faru bayan rigakafi. Wannan jimla tana da muhimmanci, domin sau da yawa akan ba da magani a sallami mutum, labarin ya mutu a ɗakin. Abin da takardar ke buƙata daga gare ta shi ne ranar allura da lokacinta, wace cinya, ranar da kumburin ya fara, ko yarinyar na da wani ciwo kafin nan, da duk wani magani da aka ba ta, har da na gargajiya. Ma'aikacin zai ƙara sunan rigakafin, lambar rukuninsa, ranar lalacewarsa, da lambar ruwan damawa in akwai. Lambar rukunin tana jikin kwalba, kuma uwa na da ikon roƙon a rubuta mata ita a kati tun ranar allurar.

Daga nan takardar ta haura zuwa jami'in sa ido na yankin. In ya ga wasu yara uku daga wuri guda da irin wannan ƙurji a mako guda, alhali sauran wuraren da suka karɓi rukunin nan shiru, to matsalar tsabta ce ko yadda ake soka allurar, sai a je a duba firiji da sirinji da hannun mai yi. In kuwa ƙorafin na fitowa daga wurare masu nisa da juna kuma lambar rukuni ɗaya ce, sai a killace rukunin a kai samfuri ɗakin gwaji. Abin da ya kai ga kwanciya a asibiti, nakasa ko mutuwa, ƙa'ida ita ce a sanar cikin awa 24, a fara bincike ba da jinkiri ba, sannan kwamitin ƙwararru ya zauna ya auna ko rigakafin ne.

In ma'aikacin ya ƙi rubutawa, wataƙila don tsoron a ɗora masa laifi, hanya ba ta toshe ba. A ƙasashe da yawa hukumar kula da magunguna tana karɓar rahoto kai tsaye daga jama'a, ta shafinta ko ta waya, wasu ƙasashen kuma suna amfani da manhajar Med Safety. Ba a neman uwa ta kawo hujja, zargi ya isa. Kafin allura ta gaba kuma, ta gaya wa mai yi abin da ya faru a ta baya: zazzaɓi ko ƙurji ba sa hana ci gaba, amma yaron da ya yi borin jiki mai tsanani ba a sake yi masa wannan rigakafin sai likita ya duba.